Lacca: Yadda Za a Mai da Takardar Maganin Maleriya Zuwa Hausa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu kemis, abubuwa huɗu zan taɓo a kan takardar nan da ake naɗewa cikin kwalin magani, kuma da magani guda zan yi misali, Coartem da ire-irensa, tunda babu shagon da ba ya sayar da shi. Na baya kuna ji? To madalla.

Na farko shi ne lokaci. Takardar ta ce a sha sau shida cikin kwana uku. Amma shan farko da na biyu awa takwas ne tsakaninsu, na uku kuma sai an cika awa 24 da shan farko, daga nan sai duk bayan awa 12. Mai fassara ya gaji, sai ya taƙaita ya rubuta "sau biyu a rana, kwana uku". Awa takwas ɗin nan ta ɓace ke nan, alhali an sa ta ne don maganin ya taru a jini da wuri, lokacin da ƙwayoyin cutar suka fi yawa. Kuma wanda aka ce wa "sau biyu a rana" yana iya sha da hantsi, ya ƙara da azahar, ya ce ai ya cika umarni. Bai yi laifi ba, abin da aka rubuta masa ya bi.

Saboda haka ni shawarata a bar gurabe shida a takardar Hausar, mai kemis ya cike da biro. Mu ɗauka uwa ta ba yaro da ƙarfe takwas na safiyar Litinin. Sai ka rubuta: na biyu ƙarfe huɗu, wajen la'asar. Talata takwas na safe da takwas na dare, bayan isha'i. Laraba haka nan. Shi ke nan, shida sun cika. Lokutan salla suna taimakawa sosai, don tsohuwa ko ba ta duba agogo tana jin ladan. Sai dai a haɗa da ƙarfe nawa, domin lokacin salla yana matsawa da shekara.

To idan da ƙarfe shida na yamma aka fara fa? Na biyu ya faɗo ƙarfe biyu na dare. Na ga Malam yana dariya. E, ƙarfe biyun dare, lokacin da ko mai gadi ya fara gyangyaɗi! A rubuta shi haka, a ce a saita ƙararrawar waya. Na uku kuma shida na yamma washegari, sai shida na safe, a ci gaba. Ina maimaitawa, a rubuta ƙarfe nawa. Kar ka bar wa mai zazzaɓi lissafi, kansa na sara.

Na biyu, ko na uku ne? To, yawan ƙwaya. Da nauyi ake yi. Kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Wannan na mai lamba 20/120 ne. Akwai mai 80/480, kwalinsa ƙwaya shida ne kacal, babban mutum ƙwaya ɗaya yake sha kowane lokaci. Wanda ya saba da huɗu-huɗu, in ya sha huɗu na wannan ya ninka sau huɗu. Don haka lambar ta fito da manyan baƙaƙe a saman fassarar.

Abinci kuwa, kar a tsaya a "bayan cin abinci". Maganin yana son maiƙo kafin ya shiga jini yadda ya kamata, sai a ambaci madara, ko kunun gyaɗa, ko miya mai mai. A ƙara da cewa a shanye duka ko zazzaɓin ya sauka.

Na'am, Hajiya? Ta ce idan yaro ya yi amai fa.

Tambaya mai kyau, Hajiya. Idan ya amayar cikin awa ɗaya da sha, a sake ba shi wannan adadin. Amma ku lura, kwalin ya ragu da sha ɗaya ke nan, dole uwar ta dawo a cika mata, kuma wannan jimlar sai mu ƙara ta da kanmu, mai kemis ya faɗa da baki. Idan kuwa duk abin da aka ba shi dawowa yake, ko ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, magana ta wuce kemis. A rubuta a fili: a kai shi asibiti nan take, allura yake buƙata. Haka jaririn da bai kai kilo 5 ba, a tura shi asibiti tun farko. Akwai wani hannu can baya, a miƙa masa lasifika.