Wasiƙa ga mai gida a Portugal: layin da ke maida mai gaskiya mai laifi

[Allo: takarda da rubutun hannu]

Ku tsaya ku karanta wannan tukuna. Wani ɗan'uwa ne mai aikin gini, yana haya a Amadora, gefen Lisbon, ya rubuta wa mai gidansa. Silin banɗakinsa na yoyo wata uku, bango ya yi funfuna, ga yara a gidan.

«Olá chefe. A teto do casa de banho está caindo água faz três mês. Tu tem que consertar agora. Se você não vem, eu não vou pagar aluguel. Por favor me ajuda, tenho criança.»

Da aka gyara masa ita, sai gardama ta tashi tsakanin 'yan ci-rani. Wasu suka ce an lalata wasiƙar, an cire mata haƙora, mutum na da gaskiya an sa shi yana lallaɓa. Wasu kuma suka ce ai sam baƙo ba ya ɗaga murya, roƙo ya kamata ya ƙara. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce, kuma babbar matsalar tana layi na huɗu na wasiƙar. Za mu je can. Bari mu share ƙananan kurakuran da sauri.

[Allo: jan biro yana bin kalmomi]

A Fotugis, teto, wato silin, namiji ne, casa, wato gida, mace ce, saboda haka «o teto da casa de banho». Wata uku jam'i ne, «três meses», kuma a rubutu a Portugal «há três meses» ake cewa. «Está caindo» da «aluguel» ba kuskure ba ne, Fotugis ɗin Brazil ne. Da yawa daga masu zuwa aiki a bakin abokan aiki 'yan Brazil ko a waya suke tsintar yaren, shi ya sa. A Lisbon «está a cair» za ka ji, kuɗin hayar gida kuwa «renda» ne. Chefe kuma a bar shi a wurin gini. Wasiƙa da «Exmo. Senhor» take buɗewa, in mace ce «Exma. Senhora». An gama da waɗannan. Babu mai gidan da zai ƙi gyara silin don an maida teto mace.

Yanzu ku lura da yadda ya kira mutumin. A layi ɗaya tu, a layi na gaba você, a ƙarshe «me ajuda», kamar yana magana da abokin kwanansa. Tu na aboki ne da ɗan'uwa da yaro. Você kuwa, wanda mutane ke zaton shi ne na ladabi, a Portugal yana da santsi. Akwai dattawa da dama da ke jin sa kamar raini. Abin da ake yi shi ne a yi wa mutum magana kamar ana maganar wani. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. In ka shiga wurin babba, ai cewa kake yi "Alhaji ya tashi lafiya?" alhali ga shi zaune gabanka. Haka suke yi: «o senhor», ko a takarda «V. Exa.», ko ma a bar sunan gaba ɗaya, aikatau ya ɗauki nauyin. Amma in ka zaɓi wannan hanya, sai ka bi ta har ƙarshen takarda. «Informei-o», ba «informei-te» ba. «A sua resposta», ba «a tua resposta» ba. Te guda ɗaya ya ɓuya a tsakiya, ladabin duk ya zube.

[Allo: layi na huɗu, an ƙara girmansa]

To, ga inda muka dosa.

«Se você não vem, eu não vou pagar aluguel.» In ba ka zo ba, ba zan biya haya ba.

Masu cewa an cire wa wasiƙar haƙora, wannan layin suke kewa. A ganinsu shi ne ƙarfinta. Mu duba abin da dokar ƙasar ta ce, sai ku yi hukunci da kanku.

Kundin dokarsu, Código Civil, a sashe na 1074, ya ɗora gyaran kiyaye gida a kan mai gida, sai fa in yarjejeniyar haya ta faɗi wani abu dabam. Ke nan kafin ka ɗauki biro, ka buɗe takardar hayarka ka karanta. In ba ta ce komai ba, yoyon silin nasa ne. Har nan ɗan'uwanmu ne da gaskiya, ɗari bisa ɗari.

Amma kundin nan dai, a sashe na 1041, ya ce ɗan hayar da ya jinkirta biya, ban da bashin, ana iya neman ƙarin kashi 20 cikin ɗari a kansa, in bai biya cikin kwana takwas da fara jinkirin ba. A ce hayar yuro 700 ce. Ka riƙe wata ɗaya don fushi, ka jawo wa kanka ƙarin yuro 140. Sashe na 1083 kuma ya fi wannan zafi: bashin haya ya kai wata uku, mai gida na da damar warware yarjejeniyar.

Kun ga abin da ya faru? Mutum ya shigo da ƙorafi mai kyau, sai ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu, cewa yana shirin saɓa yarjejeniya. Mai gidan da ma yake neman hanyar fitar da shi don ya sa sabon ɗan haya da kuɗi mafi tsada, kuma a Lisbon ta yau irinsu ba su da wuyar samu, wannan takardar zai adana ta da kyau. Akwai yanayin da doka ke barin a rage haya, gaskiya ne, amma wannan magana ce ta lauya ko ƙungiyar 'yan haya, ba abin da za ka yanke wa kanka cikin fushi da tsakar dare ba.

To me za a sa a madadinsa? Jimla biyu. Ga ta farko.

«Solicito que mande proceder à reparação no prazo de 15 dias a contar da receção desta carta.»

Ina neman a sa a yi gyaran cikin kwana 15 daga ranar da wannan wasiƙa ta isa. Ku kwatanta da «agora» da ya rubuta. Yanzu ɗin nan yaushe ne? Ba wanda zai iya cewa ga ranar da mai gida ya makara. Kwana 15 kuwa ana ƙirga su a kalanda. Adadin zaɓinka ne, ba doka ce ta yanka shi ba. In ruwan na zuba kusa da wayar lantarki, ka rage shi sosai, ka kuma faɗi dalili.

Nahawun da ke nan ƙanƙane ne amma shi ke kayar da mutane. Bayan «solicito que», aikatau yana sauya kama: «mande», ba «manda» ba. Harafi ɗaya ne, amma kunnen ɗan ƙasa nan take yake kama shi. «Peço que venha», «solicito que envie», duk tafiyarsu ɗaya. Ku haddace su a dunƙule, ba sai kun san sunan da malaman nahawu suka ba abin ba.

Ga ta biyu.

«Caso a reparação não seja feita nesse prazo, reservo-me o direito de recorrer aos meios previstos na lei.»

In ba a yi gyaran cikin wa'adin ba, ina da damar bin hanyoyin da doka ta tanada. Ku sake saurara. Ba zagi, ba ihu, kuma bai ɗaure kansa da cewa zai yi kaza ba. Amma duk mai gidan da ya san kansa ya gane abin da ake nufi. Ɗaya daga hanyoyin nan yana sashe na 1036: in gyaran na gaggawa ne, mai gida kuma ya yi jinkiri, ɗan haya na iya yin gyaran da kansa ya nemi a biya shi abin da ya kashe. Ta yaya za ka nuna ya yi jinkiri? Da wa'adin nan da ka rubuta, wanda ya wuce. Shi ya sa nake cewa wannan jimlar mai sanyi ta fi waccan mai zafi cizo.

Bayan «caso» ma aikatau ya sauya, «seja». Wanda ya fi son «se», to «se não for feita» zai rubuta. Kada a haɗa su, «caso for» babu shi.

[Allo: layin ƙarshe na tsohuwar wasiƙar]

Masu cewa a ƙara roƙo, ku ma ga naku. «Por favor me ajuda, tenho criança.» Wallahi abin tausayi ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai taimako abu ne da mutum zai iya ba ka ko ya hana ka, gyaran nan kuwa haƙƙi ne da kuɗin hayarka ya riga ya saya. Yaran ba a cire su daga wasiƙar ba, an dai sauya musu wuri, sun zama hujja: «A humidade e o bolor põem em risco a saúde dos meus filhos menores.» Danshi da funfuna na barazana ga lafiyar ƙananan 'ya'yana. Wannan ne dalilin gaggawar.

Saura kuwa ga shi yana wucewa a allo. Wuri da kwanan wata a sama. Layin «Assunto», wato batun wasiƙar. Sai «Na qualidade de arrendatário», wato a matsayina na ɗan haya, adireshin gidan, da «venho por este meio comunicar». Ranar da yoyon ya fara, da ranakun da ka aika saƙon waya aka yi shiru, ranaku na ainihi, ba "sau da yawa" ba. «Junto fotografias», wato na haɗo da hotuna. Layi ɗaya da ke cewa a shirye kake ka buɗe wa mai gyara ƙofa, don kada gobe a ce kai ka hana. «Com os melhores cumprimentos», suna, sa hannu. Shafi ɗaya ya isa. Labarin ƙofar firij da ta lalace bara a bar shi sai wata wasiƙar.

[Allo: kantar gidan waya]

Kada kuma bayan duk wannan wahala ka ɗauki hotonta ka tura ta WhatsApp ka kwanta. Dokar haya ta 2006, wadda suke kira NRAU, a sashe na 9, ta ce sanarwar da doka ke buƙata kan gyaran gida a rubuce ake yin ta, da sa hannu, a aika ta rajista. Ka je gidan wayarsu, CTT, ka ce wa ma'aikacin «carta registada com aviso de receção». Za a ba ka rasit, daga baya kuma katin shaidar karɓa ya dawo maka da sa hannu da kwanan wata. Daga ranar da ke kan katin kake fara ƙirga kwana 15 ɗinka. Adireshin mai gidan kuwa, wanda ke cikin yarjejeniyar haya za ka rubuta. Ka ajiye kwafin wasiƙar tare da rasit da katin, sannan in wata ya kama, ka biya hayarka ta banki kamar kullum.