Yadda Za a Mayar da Zanen Gida Hoto Ba Tare da Katanga Ta Karkace Ba

Ku ɗauka akwai hotuna biyu a kan allo a gabanku. Na hagu zanen fuskar gida ne, layuka zalla: faɗinsa mita 15, ƙofa ɗaya a tsakiya, tagogi huɗu, baranda mai ginshiƙai biyu. Na dama kuma abin da manhaja ta fitar ne daga wannan zane. Da kallon farko ya yi kyau, ga fenti, ga inuwa, ga hasken yamma. To amma ku ƙura wa ƙofar ido, ta zama siririya ta yi tsawo fiye da kima. Bakin kwanon rufi ya lotsa a tsakiya, ƙarafan taga kuma sun lanƙwashe. Matsala biyu ce daban-daban a nan, ta ma'auni da ta layi, kuma kowace da inda take fitowa.

Zan yi aikin ne da Stable Diffusion 1.5, injin da ke ƙirƙiro hoto daga kalmomi, tare da ControlNet, a cikin manhajar AUTOMATIC1111. ControlNet ya fito a Fabrairun 2023, daga Lvmin Zhang da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford. Aikinsa shi ne ya riƙe wa injin hannu ya bi zanen da aka ba shi, maimakon ya ƙirƙiro gida daga kalmomi kaɗai. Wanda ke amfani da ComfyUI, wata manhajar mai irin wannan aiki, zai tarar da maɓallan da wasu sunaye, amma dalilan ba sa canzawa.

Mu fara da ƙofar nan da ta rame, domin ita ce mafi sauƙin gyara, kuma laifin ma ba na injin ba ne. Zanenmu yana kan takardar A4 a kwance, milimita 297 a faɗi, 210 a tsaye. Ke nan faɗin ya ninka tsayin sau 1.41. Shi kuwa girman da manhajar ke buɗewa da shi 512 ne ta kowane gefe, murabba'i. Idan a akwatin Resize Mode an zaɓi Just Resize, za a matse takardar nan mai faɗi har sai ta shige murabba'in, faɗin kowane abu ya ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari. Ƙofar da aka zana santimita 90 a faɗi da 210 a tsayi, tsayinta ya ninka faɗinta sau 2.33. Bayan matsewa sai ya koma sau 3.3. Injin ya bi abin da aka ba shi sau da ƙafa, zanen ne ya riga ya lalace kafin ya isa gare shi.

Idan kuka koma Crop and Resize, ma'auni zai tsaya daidai, sai dai za a yanke gefen gidan biyu. Abin da ya fi shi ne ku daidaita girman hoton da za a fitar da girman zanen tun farko. Ga takardar A4 a kwance, ku sa 768 a Width, 544 a Height. Ku raba su za ku samu 1.41, kuma dukkansu 8 na raba su ba saura, abin da injin ke bukata. Sannan ku kunna Pixel Perfect, maɓallin da ke sa ControlNet ya karanta zanen daidai da girman hoton da za a fitar.

Wani abu kuma da ke ɓata ma'auni tun kafin a buɗe kwamfuta: ɗaukar hoton zanen da waya. In wayar ta ɗan kishingiɗa, gefen takardar da ya fi kusa da kyamara zai fi faɗi, katangun biyu su riƙa matsowa kusa da juna ta sama. Injin zai ɗauka haka gidan yake. In akwai na'urar sikanin a yi amfani da ita, in babu a gyara kusurwoyin takardar huɗu a GIMP ko Photoshop har su tsaya cak. A nan ne kuma za ku goge layukan awo, da lambobi, da rubutun sunan ɗaki, da ɗan zane-zanen da ake yi don nuna inuwa. Injin bai san layin awo ba, duk layin da ya gani gefen wani abu ne a wurinsa. Layin awon da ke ƙasan gida sai ya mayar da shi dakali, na sama kuma wayar lantarki.

Yanzu batun miƙewar layi. Akwai samfurin ControlNet da aka horar musamman don miƙaƙƙun layuka, sunansa `control_v11p_sd15_mlsd`, kuma yawancin masu koyarwa shi suke cewa a ɗauka tare da matacinsa `mlsd`, wato Preprocessor, abin da ke tace hoto ya fitar da taswirar layukan da samfurin zai bi. Ni ina da ja a nan. An yi matacin ne don ya laluɓo layuka a cikin hoton ginin gaske. Ku kuwa layukanku suna hannu, tsaf. In kuka bar shi ya sake laluɓo su, zai yar da gajeru, ya tsinka wasu, kuma duk abin da ke da lanƙwasa ba ya ganin sa sam. Gidan da ke da ƙofar zaure mai bakan gizo, ko baranda mai baka a sama, wurin zai fito wayam a taswirar, injin ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

Saboda haka ga zane mai tsafta, ku zaɓi `invert (from white bg & black line)` a akwatin Preprocessor. Abin da yake yi kawai juya launi ne, layi ya koma fari a kan baƙi, domin haka samfuran suke karanta taswira. A akwatin Model kuma ku sa `control_v11p_sd15_lineart`, wanda ke bin miƙaƙƙe da lanƙwasasshe duka. Ku danna maɓallin duba taswirar kafin ku fitar da hoto. Layin da ba ku gani a can ba, kada ku sa ran ganin sa a hoton.

Control Weight, wato ƙarfin riƙon da ControlNet ke yi wa injin, ku bar shi a 1. In kuka ga injin yana kauce wa zanen, ku ɗaga zuwa 1.2. Alamar an wuce gona da iri ita ce baƙin layi ya fara bayyana a gefen katanga da taga, hoton ya koma kamar zanen da aka shafa wa launi. Injin mataki-mataki yake gina hoto, Ending Control Step kuma shi ke nuna inda ControlNet zai sake shi. Shi ma ya tsaya a 1, wato har ƙarshe. Mutane kan rage shi zuwa 0.5 don a bar wa injin sarari, kuma a hoton mutum ko daji hakan na da amfani. Amma in matakanku 30 ne, kun sake shi tun daga na 15 ke nan, alhali a rabin ƙarshen ne ake gyara gefuna. A can bakin kwanon nan ya lotsa.

Kalmomin umarni su ma su yarda da zanen. Zanen fuskar gida ba shi da zurfi, kamar an tsaya nesa ne ana kallon sa kai tsaye. In kuka rubuta `wide angle` ko `aerial view`, kalmomi na jan injin gefe guda, layuka na jan sa wani gefen, katanga ce ke shan wahala a tsakani. Ga irin wanda nake sawa:

```
photo of a single-storey house, front view, telephoto lens, cream plastered walls, brown aluminium roof, daylight
```

Ku lura na ambaci kayan katanga da na rufi. Layi huɗu da suka haɗu ba sa gaya wa injin ko taga ce, ko allon ado, ko rami. In ya dage yana ruɗewa, ku shafa wa zanen launi shimfiɗaɗɗe, katanga ruwan madara, rufi ruwan ƙasa, gilashi shuɗi mai duhu, ku sa shi a img2img, sashen da ke fitar da hoto daga wani hoton, da Denoising strength, wato yawan canjin da aka yarje wa injin, wajen 0.7, ControlNet kuma yana kunne da zanen layin.

Saura ƙarafan taga, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci suna ta murɗa Control Weight a banza. Stable Diffusion ba a kan fiksel ɗin hoton yake aiki ba. Yana fara matse hoton sau 8 ta kowane gefe, ya yi aikinsa a ƙaramin, sannan ya buɗe shi. Hotonmu mai 768 da 544, a ciki gurbi 96 ne da 68. Mu yi lissafi da gidanmu. Mita 15 ɗin nan sun ci fiksel 640 na faɗin hoton, ke nan kowace mita kusan fiksel 43 ce, kowane gurbi na fiksel 8 kuma ya kai santimita 19 na ginin gaske. Ƙarafan taga da ke da tazarar santimita 12 a tsakaninsu ba su cika gurbi ɗaya ba. Firam ɗin taga mai kaurin santimita 5 fiksel biyu ne kacal. Gurbin yana ɗauke da ɗan bayanin abin da ke cikinsa, amma bai isa ya riƙe sanduna da yawa a miƙe ba, sai mai buɗe hoton ya cike da kintace. Shi ya sa dogon ginshiƙi ke fita sambal, siririn ƙarfe kuma ya fita kamar taliya.

Maganin a zagaye biyu yake. A na farko ku cire ƙarafan daga zanen gaba ɗaya, ku bar firam ɗin waje kawai. In hoton ya yi muku, ku ninka girmansa zuwa 1536 da 1088, ku sake wuce da shi ta img2img da Denoising strength tsakanin 0.3 da 0.35, zanen layin yana nan a ControlNet. Kada ku haura 0.5 a wannan mataki, domin a babban girma samfurin 1.5, wanda aka horar a kan 512, yakan fara ƙaro taga ko ƙofar da babu ita a zanen.

A zagaye na biyu ku bi tagogin ɗaya bayan ɗaya a Inpaint, sashen da ke sake zana wurin da aka shafe kaɗai. Ku shafe taga guda, ku zaɓi Only masked, ku ba ControlNet zanen da ke da ƙarafan, mai girma ɗaya da hoton. Abin da Only masked ke yi shi ne ya yanko wurin, ya faɗaɗa shi ya cika girman aikin, ya zana, sannan ya mayar da shi mazauninsa. Tagar da a da take da gurbi bakwai ko takwas a faɗi, yanzu tana da gommai, kowane ƙarfe ya samu wurin tsayawa.

Kafin ku tura wa mai gida, ku auna, kada ku dogara da ido, domin inuwa da fenti suna ɓoye karkata. Ku ɗora zanen asali a kan hoton a GIMP, ku sa yanayin shimfiɗar a Multiply, farin takardar zai ɓace layuka su rage. Ku duba kusurwoyin gidan huɗu, da bakin rufi, da saman tagogi ko suna kan layi ɗaya. Sannan ku auna ƙofar. A hoton 1536 ya kamata ta zama kusan fiksel 77 a faɗi da 179 a tsayi. In duk gidan ya kauce ta gefe guda, ku koma kan girman hoton da Resize Mode. In kuwa wuri ɗaya ne ya goce, misali ginshiƙin dama, shi kaɗai za ku shafe a Inpaint ku sake, sauran hoton ku bar shi yadda yake.