Kafin ka biya kuɗin shafi, wane aiki za ka ba shi?

A ce wani Alhaji yana da ɗan ofishin kago a Bab Sharif, cikin Jidda, yana aika kayan alhazai da na 'yan kasuwa zuwa Kano. Ya kira yaron da zai gina masa shafin intanet, yaron ya buɗe baki da cewa, "Alhaji, wace kala kake so?" To, an ɗauko zancen ta wutsiya.

Da wayar Alhaji za a fara. Ya duba saƙonnin WhatsApp na sati biyu, ya ƙirga. A ce guda 60 ne, 40 daga ciki tambaya iri ɗaya suke yi: nawa ne kilo, kuma kwana nawa kaya ke yi kafin su sauka? Lokacin Umarar azumi, waɗannan tambayoyi ne ke cinye masa yini, mai kaya na gaske yana tsaye a bakin sikeli yana jira.

Aikin shafin ya fito ke nan, kuma jimla ɗaya ta ishe shi: baƙon da ke riƙe da waya ya ga farashin kilo da ranar tashin kaya, sannan ya turo saƙo ɗauke da garin da za a kai da kimanin nauyi. A ɗora masa adadi da wa'adi: cikin wata uku, tambayar farashi ta sauko daga 40 zuwa 15.

Ku lura da abin da jimlar nan ta kora. Yaron ya so ya buɗe masa kanti a Salla ko Zid, dandalolin buɗe kantin intanet na Saudiyya, da kwandon saye da biya ta Mada, katin bankin ƙasar. Wannan ya dace da mai sayar da abaya, wadda farashinta a yanke yake. Shi Alhaji ba ya sanin kuɗin kaya sai an hau sikeli, me za a biya tun daga gida? Shafi guda ya wadatar, da maɓallin da ke buɗe hirar WhatsApp da rubutu a shirye, a sa lambar Alhaji a gurbin X ɗin:

```
https://wa.me/966XXXXXXXXX?text=Kano%2C%20kilo%3A
```

Harshe ma haka. Masu kayansa Hausawa ne, don haka Hausa ce a gaba. Larabci daga dama yake farawa, tsarinsa aiki ne na daban mai kuɗinsa, sai a jinkirta shi har a ga masu buƙata.

Bayan wata uku yaron zai zo yana murna, wai mutum 2,000 sun leƙa. Alhaji ya sake ƙirga saƙonninsa. Idan har yanzu ana tambayar nawa ne kilo, ko dai farashin ya ɓuya a ƙasan shafi, ko kuma tsoho ne, mutane sun daina yarda da shi. Sai a ɗaga shi sama, a rubuta ranar da aka sabunta shi a gefensa.