Hazo nawa za a zuba wa hoto kafin ya ɓace?

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abubuwa uku zan faɗa a kan lamba ɗaya tak, wadda ake murɗawa idan an ba injin zana hotuna wani hoto aka ce ya yi sabo a kansa. Kowace manhajar sarrafa injin da sunan da take kiranta: a allon AUTOMATIC1111 sunanta `Denoising strength`, a ComfyUI `denoise`, a diffusers kuma `strength`. Daga 0 take zuwa 1.

Na farko, me lambar take yi? Yawancin mutane suna ɗauka injin yana kallon hotonka ne, yana kwaikwayo kamar ɗalibin zane. Sam. Inji irin Stable Diffusion, wanda ya fito a 2022, aiki ɗaya aka koya masa: a ba shi hoton da aka lulluɓe da ɗige-ɗige marasa tsari, ya share su mataki-mataki har hoto ya bayyana. Ɗige-ɗigen nan ni hazo nake ce musu. To idan ka kawo hotonka, ɓata shi ake fara yi. A zuba masa hazo da gangan, sannan a ce wa injin ya share, yana bin bayanin da ka rubuta. Lambar nan ita ce mudun awon hazon. Dabarar ta ma girmi Stable Diffusion, tun 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford suka bayyana ta da sunan SDEdit.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan ne daɗin maganar. Hazo ba ya cin komai lokaci ɗaya. Ku tuna ranar da hazo ya sauka. Me kake fara rasawa? Rubutun allon da ke nesa. Sai ganyen bishiya ya haɗe ya zama dunƙule. Ya ƙara kauri, ba ka gane fuskar mai tahowa, amma ka san mutum ne, ka san rigarsa fara ce. Abin da ke ɓacewa a ƙarshe shi ne inda haske yake da inda duhu yake. Haka yake a cikin injin, babu bambanci. Ƙananan abubuwa su ne abincin hazo na farko, manyan siffofi da launi su ne na ƙarshe. Kuma duk abin da hazo ya ci, injin bai san ya taɓa wanzuwa ba. Ƙirƙiro shi zai yi. Bari in maimaita: ƙirƙiro shi zai yi, ba tunowa ba.

Ga gwajin da na yi. Hoton doki ne ja, yana tsaye a fili, ya fuskanci hagu, akwai shinge a bayansa. Na rubuta cewa ina son jakin dawa. Na kulle `seed`, wato lambar da ke zaɓen irin hazon da za a zuba, a lamba ɗaya, kuma don Allah ku riƙa kulle ta, in ba haka ba ba za ku san ko lambar hazo ce ta canja hoton ko sa'a ce kawai ba. A 0.2, dokina na nan, ja, gashin jikinsa ne kawai ya yi sumul kamar an shafa masa mai. A 0.45 sai ga wasu layuka suna leƙowa a wuya da cinya, amma a kan jar fata. Wata halitta ce da ko a dawa ba a taɓa ganin irinta ba. (Dariya.) A 0.6 zuwa 0.65 na samu abin da nake nema: jakin dawa sosai, tsayuwar dokin, yana kallon hagu, shingen na nan ko da yake sandunansa sun ƙaru. A 0.9 kuwa ya juya yana kallona, shingen ya zama itatuwa. Abin da ya rage na hotona shi ne ƙasa a ƙasa, sama a sama, da wani abu mai duhu a tsakiya.

Kun lura da jan nan da ya ƙi tafiya? Launi taurin kai gare shi. Shi ya sa mai zanen fensir a farar takarda yake shan wahala. Yana son hoto mai launi, ya sa 0.5, farin ya ƙi gushewa. Ya kai 0.85, launi ya zo, zanensa ya tafi. Maganin ba a wurin lambar yake ba. Ka ɗauki buroshi ka shafa launukan da kake so, ko da shafar yara ce, shuɗi a sama, kore a ƙasa, sannan ka sa 0.6. Ka ba hazo abin da ba zai iya ci ba.

Kuma kar wani ya ce 0.5 rabi da rabi ne. A Stable Diffusion 1.5, a tsakiyar hanya hazon ya riga ya rinjayi hoton. Shi ya sa tsakanin 0.1 da 0.3 kusan ba ka ganin bambanci, amma tsakanin 0.5 da 0.7 duniya ta juya. A wannan yankin da 0.05 ake tafiya.

Na biyu... ko na uku ne? Na uku, na ga ana ɗaga min agogo. Matakai. A diffusers ga lissafin:

```
int(num_inference_steps * strength)
```

Ka sa matakai 30 da 0.3, matakai 9 kawai za a yi. Idan hoton ya fito da dishi-dishi, duba nan tukuna. ComfyUI kuwa yana yin duk matakan da ka rubuta. Sai tarkon suna: a wasu manhajojin, kamar yadda DreamStudio ta yi a da, `Image strength` a juye take, ƙara ta na nufin ƙarin kama da hoton asali. Kafin ka zargi injin, kai lambar ƙarshenta sau ɗaya ka ga ta ina take hawa.

Na'am, Hajiya, ga makirufo nan.

Tambaya: Malam, tsohon hoton mahaifina nake son gyarawa. Na sa 0.3 kawai, hoton ya yi kyau, amma wallahi ba shi ba ne. Wace lamba zan sa?

Allah ya jiƙansa idan ya rasu, ya ƙara masa lafiya idan yana raye. Hajiya, babu lambar. Kamannin mutum a ƙananan abubuwa yake zaune, tazarar ido, lanƙwasar leɓe, wato daidai abin da hazo ke fara ci. Akwai ma abin da ban faɗa ba, ashe shi ne na biyun da na tsallake. Kafin a zuba hazo, ana matse hoton. Mai faɗin ɗigo 512 yana komawa 64, kashi ɗaya cikin takwas ta kowane gefe. Ko kusa da 0 kika sa, matsewa da warwarewar nan kaɗai suna taɓa ƙaramar fuska da ƙananan rubutu. Idan faɗin fuskar ɗigo 40 ne a hoton, ɗigo 5 ta zama a ciki.

Abin da za ki yi, ki yi amfani da `inpaint`, wato inda kika shafa da buroshi kaɗai injin zai sake zanawa. Ki shafe bango da riga da inda takardar ta yage, ki ba su 0.5 ko 0.6, fuskar kuma kar ki shafa ta ko kaɗan. Idan an gama, ki ɗora fuskar asali a kan sabon hoton da manhajar gyaran hoto, don wasu injinan suna sake matse hoton duka. Tsagar ta bi ta kan fuskar ne? Ta kumatu? To ki yanko kan kaɗai, ki faɗaɗa shi ya cika 512, ki shafi layin tsagar siriri, ki fara da 0.3. Kin zo da hoton a waya? Kawo mu gani bayan an tashi.