Kuɗin Tafiyar Aiki: Yaushe Ne Lampo Ke Hawa Kansu?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu riƙon lissafi da shugabannin ma'aikatu na Maraɗi, tambayar da mai binciken lampo ke yi ɗaya ce: kuɗin nan, aiki ya ci su, ko aljihun ma'aikaci suka zauna? Abin da aiki ya ci, mayar wa mutum kuɗinsa ne, ba a cire masa lampo. Abin da ya zauna a aljihu kuwa albashi ne, ko da wane suna kuka rubuta masa.

Mu ɗauki misali. Kun aiki ma'aikaci Yamai, kwana uku, kun ba shi jika 120 a hannu. Tikitin mota zuwa da dawowa jika 20. Masauki jika 15 kowane dare, 45 ke nan. Abinci na yini huɗu, mu ce 20, tasi cikin gari 5. Duka 90. Saura jika 30. In ya maido su an ba shi rasi, magana ta ƙare. In kun ce ya riƙe, to 30 ɗin nan sai su hau takardar albashin wannan wata. Lampon albashi kuwa mataki-mataki yake hawa, don haka ƙarin yana faɗawa a matakin mutum na sama, wani lokaci ma ya tura shi na gaba.

Za ku ce, mai tuwo a tasha ba ta ba da rasi. Gaskiya ne, shi ya sa ake yanka kuɗin yini. Amma a yanka su a rubuce tun kafin tafiya, daidai da tsadar garin da za a je, a lissafa su da kwanakin da ke cikin takardar izinin tafiya, wadda aka buga wa hatimi a inda aka je, ranar isa da ranar tashi. Takardar nan ita ce shaidarku, ku adana ta tare da tikiti.

Inda aka fi faɗawa shi ne biya biyu. Ma'aikata ta biya otel kai tsaye, sannan ta ba da cikakken kuɗin yini da masauki ke ciki. Rabon masaukin nan ya zama albashi.

Ɗayan kuma ya fi damuna. A rubuta wa mutum jika 50 kowane wata da sunan kuɗin tafiya, har watan da yake hutu, bai ko leƙa Tibiri ba. Mai bincike takardun albashi na wata 12 kawai zai jera, ya ga adadin bai motsa ba, ya nemi takardun izini. In babu, sai ya haɗa jika 600 da albashin shekara. Tunda ma'aikata ce doka ta ɗora wa cire lampo kafin biya, ita za a bi bashin, da tara a kai.