Kashi 2 a Takarda, Kashi 4 a Aljihu: Yadda Ake Lissafa Ainihin Tsadar Bashi

Idan za ka karɓi bashi, abu na farko da za a faɗa maka shi ne kuɗin ruwa, misali kashi 2 cikin ɗari a wata. Wannan adadi shi kaɗai bai isa ya gaya maka abin da bashin zai ci maka ba. Takardar da za ta gaya maka ita ce jadawalin biya, wadda aka jera watanni a cikinta da abin da za ka biya a kowane wata. Ka nemi a ba ka ita kafin ka sa hannu. A wannan bidiyo za mu ɗauki bashi guda ɗaya mu bi lissafinsa tiryan-tiryan.

Ga misalinmu. An amince za a ba ka 120,000, ka biya cikin wata 12, da ruwa kashi 2 a wata. Jadawalin ya nuna kowane wata za ka biya 12,400, wato 10,000 na uwar kuɗi da 2,400 na ruwa.

Tambayar farko ita ce, nawa ne ya shigo hannunka? A ƙasan takardar, da ƙananan haruffa, an rubuta kuɗin sarrafa takardu kashi 3, wato 3,600, da inshora kashi 1, wato 1,200. Waɗannan ba sa cikin jadawalin, domin tun ranar farko ake zare su. Saboda haka abin da ya faɗo asusunka 115,200 ne. Wannan lambar za ka riƙe, don ita ce ka ci moriyarta, ko da yake 120,000 ake bin ka.

Sai kuma abin da zai fita daga hannunka. Ka ninka 12,400 sau 12, ka samu 148,800. Ka cire 115,200 daga ciki, saura 33,600. Kuɗin da ka biya kafin a bar ka ka juya dukiyar wani ke nan. Ko da a nan ka tsaya, ka riga ka fi wanda ya tsaya a kan jin kashi 2.

Amma da sauran rina a kaba, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Ka koma kan layin kuɗin ruwa a jadawalin, ka bi shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Wata na ɗaya 2,400. Wata na shida 2,400. Wata na goma sha biyu 2,400. Bai motsa ba. Alhali kuwa bashin yana raguwa: a wata na ɗaya 120,000 ake bin ka, a na biyu 110,000, haka har zuwa wata na ƙarshe da 10,000 kacal ya rage. A wannan wata na ƙarshe, ruwan 2,400 a kan 10,000 ya zama kashi 24 cikin ɗari a wata guda. Ana lissafa maka ruwa a kan kuɗin da ka riga ka mayar tuntuni. Duk jadawalin da ka ga layin ruwansa a tsaye cak, to a kan cikakken kuɗin farko ake lissafi. Wanda ake lissafawa a kan ragowar bashi, za ka ga ruwansa yana sauka kowane wata, idan kuma biyan wata-wata daidai yake, rabon uwar kuɗi yana hawa.

To yaya za mu auna shi da adalci? Da alƙalami da takarda ma za ka iya kusantar amsar. Kuɗin da ke wuyanka ya fara daga 120,000 ya ƙare a 10,000, matsakaicinsa a tsawon shekarar 65,000 ne. Ka raba 33,600 da 65,000, za ka samu kusan kashi 52 cikin ɗari a shekara. Wannan ƙiyasi ne, amma ya nuna maka inda aka dosa, ya kuma yi nisa da kashi 24 da mutum zai samu idan ya ninka 2 sau 12.

Idan kana son amsa daidai, ka buɗe Excel ko Google Sheets, ko a waya ne, ka rubuta wannan:

```
=RATE(12,-12400,115200)
```

Lamba ta farko yawan biya ne. Ta biyu abin da kake biya kowane wata, da alamar ɗebewa a gabanta saboda fita yake yi. Ta uku kuɗin da ka karɓa a hannu, kuma a nan mutane ke yawan kuskure, su sa 120,000. Amsar za ta fito kusan kashi 4.2 a wata. Idan ka ga 4% kawai, ka ƙara gurbin lambobin bayan ɗigo. Ka ninka sau 12, ka samu kusan kashi 50 a shekara. Da ba a zare cajin nan na 4,800 ba, da kusan kashi 3.5 zai fito. Ka ga ke nan salon lissafin ruwan shi ya kai kashi 2 zuwa 3.5, caji kuma ya ƙarasa shi zuwa 4.2.

Amfanin wannan lamba yana fitowa ne idan kana da tayi biyu a gabanka. A ce wani mai ba da bashi ya ce nasa kashi 3 ne a wata, a kan ragowar bashi, babu wani caji. A kunne ya fi tsada. Amma biyansa 12,055 ne a wata, jimilla kusan 144,665, kuma 120,000 cif za ka karɓa. Tsadarsa kusan 24,665, ƙasa da na farko da kusan 9,000. Ni dai ba zan taɓa kwatanta tayi biyu da kason da aka faɗa da baki ba, sai na zuba kowanne a wannan ma'auni.

Sai dai RATE tana da iyaka. Tana aiki ne idan biyan daidai yake kuma tazarar lokacin ɗaya ce. Idan biyan mako-mako ne, ka sa yawan makonni, ka ninka amsar sau 52. Idan biyan yana hawa da sauka, ko akwai wani babban biya a ƙarshe, sai ka jera kuɗin a layi ɗaya: wanda ka karɓa a gurbin farko, sauran a ƙarƙashinsa da alamar ɗebewa, watan da ba a biyan komai ka sa sifili. Sannan, idan bashin na wata 12 ne kuma ka jera kuɗin daga A1 zuwa A13, ka rubuta wannan, ka ninka amsar sau 12:

```
=IRR(A1:A13)
```

Duk abin da aka tilasta maka biya kafin ka samu bashin yana cikin lissafi, ko da wane suna aka kira shi. Idan an ce sai ka bar wani kaso a asusu ba ka taɓa shi ba har ka gama biya, ka cire shi daga abin da ka karɓa, ka mayar da shi a watan da za a sakar maka.

Abu biyu kuma jadawali ba ya nuna su, sai ka tambaya. Na ɗaya, tarar jinkiri: nawa ce, kuma a kan biyan watan da ka makara ake ɗora ta ko a kan dukkan ragowar bashin? Na biyu, idan ka samu hali ka biya da wuri fa? A misalinmu, bayan wata na shida uwar kuɗin da ta rage 60,000 ce, ruwan sauran watanni shida kuma 14,400. Wasu yarjejeniyoyin suna yafe wannan ruwa ko wani ɓangarensa, wasu kuwa sai ka biya 74,400 gaba ɗaya. Ka sa a rubuta maka amsar a cikin yarjejeniyar kafin ka sa hannu.