Yadda Ake Yanke Mutum Ɗaya Daga Hoton Taro Ba Tare Da Farin Baya Ya Biyo Shi Ba

Tambayar da ta fi yawaita a 'yan kwanakin nan ita ce, me ya sa mutum zai yanke hoto tsaf, amma da ya ɗora shi a kan fosta sai ya ga wani farin akwati ya zagaye shi. Za mu yi aikin ne da manhajar GIMP, wadda kyauta ce, da hoton walimar saukar karatu mai mutum biyar, kuma wanda ke tsakiya muke son fitarwa.

Kafin a taɓa yanka, akwai matakin da yawancin masu koyo suke tsallakewa. Hoton da aka ɗauka da waya galibi JPEG ne, shi kuwa JPEG launi kawai yake adanawa, ba shi da hanyar nuna cewa wani wuri wayam yake. Saboda haka idan kuka goge wani sashe, manhajar sai ta cike gurbin da launin baya, wanda fari ne a mafi yawan lokaci. Ido yana ɗaukar farin a matsayin babu komai, alhali fenti ne kamar kowane fenti. Maganin shi ne ku shiga Layer, sannan Transparency, ku danna Add Alpha Channel. Wannan yana ƙara wa kowane ɗigon hoto bayani na huɗu bayan ja da kore da shuɗi, wato gwargwadon yadda zai rufe abin da ke bayansa.

Yanzu ku ɗauki Free Select ku bi gefen mutumin, daga hula zuwa kafaɗa har ƙasan riga, ku dawo inda kuka fara. Ku zuƙo hoton sosai, kada ku yi gaggawa a wajen kunne da wuya. A wannan hoton, hannun abokinsa yana kan kafaɗarsa ta dama. Abin da hannun ya rufe babu shi a cikin hoton, don haka a ganina ya fi kyau a yanke hannun, sannan a bar rubutun fosta ya rufe gurbin, maimakon a ƙirƙiro kafaɗar da za ta fito a karkace. Bayan an rufe zagayen, ku shiga Select ku zaɓi Shrink da ɗigo 1 domin launin rigar maƙwabci kada ya maƙale a gefe, sai Feather da ɗigo 2 domin bakin ya yi laushi. A cikin Select ɗin ku danna Invert, sannan ku danna maɓallin Delete.

Ku dubi abin da ya bayyana: ƙananan murabba'ai masu launin toka, wasu sun fi wasu duhu. Su ne alamar cewa wurin wayam ne, kuma ba za su fito a bugu ba. Idan fari kuka gani, ku janye gogewar da Ctrl+Z, ku koma matakin farko. Domin tabbatarwa, ku sa sabuwar shimfiɗa, wato Layer, mai launi ja a ƙarƙashin hoton, nan take duk wani ɓurɓushin da ya rage a gefen hula ko riga zai fito fili. Ku shiga Select ku danna None, ku koma kan shimfiɗar hoton ku goge shi, sannan ku cire jan.

Wurin adanawa ne aikin mutane da yawa yake sake lalacewa. Ku shiga File, ku zaɓi Export As, ku tabbata sunan ya ƙare da .png. Idan kuka bar shi .jpg, manhajar za ta sake cike wayam ɗin da launi, kuma canza sunan fayil daga baya ba ya dawo da abin da aka riga aka cike. Haka ma idan za ku tura wa mai buga fosta ta WhatsApp, ku tura ta Document, domin idan aka tura shi a matsayin hoto, ana matse shi ya koma JPEG, wayam ɗin ya ɓace a hanya.

Ku duba girman abin da kuka yanko kafin ku biya kuɗin bugu. A wannan hoton, tsayin mutumin ɗigo 900 ne kacal, domin shi ɗaya ne cikin biyar. A ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci zai kai inci 3 ne kawai, a ɗigo 150 kuma inci 6, wato santimita 15 da 'yan kai. Idan aka ja shi ya cika takardar A3, fuskar za ta yi dishi-dishi, don haka ku nemi asalin hoton daga wayar da ta ɗauka, kuma ku nemi yardar mai hoton kafin fuskarsa ta hau bango.